Rubutuna biyu suna musayar wuri a Google kan bincike ɗaya, ta yaya zan tabbatar su ne ke cin juna?

Rabi'atu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shafi da nake rubutu kan kula da wayar hannu. Tun 2022 na yi wani rubutu mai taken "Dalilan da ke sa batirin waya saurin ƙarewa", kuma shi ne ke kawo min mafi yawan masu shigowa daga Google. A watan Yunin da ya wuce na ƙara wani, "Yadda za ka sa batirin wayarka ya daɗe". Tun daga lokacin masu shigowa ta binciken `batirin waya yana saurin karewa` suka ragu kusan rabi. In na bincika da kaina, yau in ga tsohon, gobe in ga sabon, wani lokaci ma ba na ganin ko ɗaya. Wani ya ce min rubutun biyu ne ke cin dunduniyar juna, in goge ɗaya. Ni kuma ba na son in goge abin da na sha wahalar rubutawa a kan "an ce". Ta yaya ake tabbatarwa?

Nura: Wa alaikumus salam. Malama ai wannan a fili yake. Rubutu biyu, kalmar bincike ɗaya, Google ya rikice. Shi ya sa Yoast, manhajar da ke auna rubutu don binciken Google, yake gargaɗi in kin sake amfani da kalmar da kika taɓa sa wa wani rubutu. Ki buga wannan a Google:

```
site:shafinki.com batirin waya saurin karewa
```

In suka fito su biyun, shi ke nan, kin kama ɓarawo. Ki goge sabon tun kafin Google ya hukunta shafin gaba ɗaya.

Auwal: Ni ma an taɓa yi min haka, wani ya kwafe rubutuna kaf ya sa a nasa shafin har ya fi ni fitowa. Ki kai ƙararsa ga Google, akwai fom ɗin haƙƙin mallaka.

Rabi'atu: A'a Malam Auwal, ba wanda ya kwafe ni. Duka biyun nawa ne, a shafi ɗaya suke.

Auwal: Af, to ban karanta da kyau ba ke nan. A ci gaba, ina saurare.

Malam Ilyasu: Malama Rabi, kada ki goge komai tukuna. Nura ƙanena, umarnin `site:` yana nuna maka rubuce-rubucen da Google ya sani a shafin waɗanda suka shafi kalmar, iyakarsa ke nan. Shafin da ke magana kan waya, in ka buga masa "batiri" zai iya fito maka da rubutu goma sha biyar, kuma ba zai yiwu a ce duk suna faɗa da juna ba. A can ka cire duk sauran shafukan duniya daga gasar, don haka jerin da ka gani ba shi ne jerin da mai bincike na gaskiya yake gani ba. Yana da amfani wajen fito da waɗanda ake zargi, amma ba ya yanke hukunci.

Maganar hukunta shafi kuma, babu wani horo da Google ke yi wa mutum don ya yi rubutu biyu kan abu ɗaya. In ana son kwanciyar hankali, a buɗe `Manual actions` a Search Console, wato dandalin Google da ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, za a ga babu komai. Kalmar da ake sa wa Yoast a akwatinsa ma a cikin shafinki take zama, shi yake amfani da ita ya auna rubutun, ba a aika wa Google ita. Asarar da ake yi, in akwai ta, ita ce Google ya riƙa nuna rubutun da ya fi rauni a ranakun da mai ƙarfin ya kamata ya fito. Ita za mu nema a cikin alƙaluma.

Kina da Search Console a kan shafin?

Rabi'atu: Ina da shi Malam, amma jimillar dannawa kawai nake dubawa in fita.

Malam Ilyasu: To madalla. Ki shiga `Performance`, ki zaɓi wata uku na baya-bayan nan. Ki kunna akwatunan nan huɗu na sama duka, `Total clicks`, `Total impressions`, `Average CTR` da `Average position`, domin biyun ƙarshe ba sa zuwa a kunne. Sannan ki ƙara tacewa ta `Query`, ki zaɓi `Exact query`, ki rubuta binciken yadda mutane ke buga shi. In ya buɗe, ki rubuta alƙaluman da ke saman zanen a gefe. Daga nan ki sauko teburin ƙasa ki danna `Pages`. Ki kawo mana duka biyun, na sama da na teburi. Na sama ɗin kada ki manta shi, a nan maganar take.

Sadiya: Ƙari kaɗan, Yaya Rabi. Mutanenmu wasu da ƙ suke bugawa, mafi yawa da k, wasu "batir" wasu "batiri". In kika ɗauki siga ɗaya tak, rabin labarin kika gani. Bayan kin gama da wanda Malam ya ce, ki sake gwadawa da `Custom (regex)`:

```
batir.*(k|ƙ)arewa
```

Zai tattaro miki dangin binciken wuri ɗaya.

Malam Ilyasu: Haka ne, amma ta fara da guda ɗayan. In aka haɗa bincike da yawa tun farko, za a iya ganin rubutu biyu a teburi alhali kowanne nasa binciken yake ci, sai a ɗauka faɗa suke. Ta fara da ɗaya, ta faɗaɗa daga baya.

Rabi'atu: Ga abin da na samu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. A sama: fitowa 4,200, dannawa 150, matsayi 8.9. A teburin `Pages`: tsohon rubutu ya fito sau 2,350, an danna sau 118, matsayi 7.8. Sabon ya fito sau 1,980, an danna sau 32, matsayi 10.2. Su biyun ne kawai a teburin. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai, in na haɗa 2,350 da 1,980 ina samun 4,330, ba 4,200 ba. Ko Search Console ɗin ne ya yi kuskure?

Malam Ilyasu: Ba kuskure ba ne, kuma wannan bambancin shi ne abin da na aike ki nema. Search Console yana ƙirga iri biyu. Zanen sama, matuƙar ba ki tace da adireshin wani rubutu ba, shafinki gaba ɗaya yake ƙirgawa: in mutum ya yi bincike rubutunki biyu suka fito masa lokaci guda, fitowa ɗaya zai rubuta, kuma matsayin wanda ya fi sama zai ɗauka. Teburin `Pages` kuwa kowane adireshi da nasa lissafin, wannan binciken guda sai ya zama fitowa ɗaya ga tsohon, ɗaya ga sabon.

To ki lura. Da a ce kullum tare suke fitowa, jimillar teburi za ta kusan ninka ta sama, ki ga 4,200 a sama, wajen 8,000 a ƙasa. Ke kuma rarar da kika samu 130 ce kacal. Wato cikin bincike 4,200, a kusan 130 ne kawai mutum ya ga rubutun biyu tare, kashi 3 cikin ɗari. A sauran duka, ɗaya ne ya fito ɗayan ya ɓace. Kujera ɗaya Google ya ba shafinki a wannan binciken, rubutun biyu kuma karɓa-karɓa suke yi a kanta.

Sai ki dubi abin da kowanne ke samu in ya zauna. Tsohon, cikin mutum ɗari da suka gan shi biyar ne ke dannawa. Sabon bai kai biyu ba, 32 cikin 1,980. Kusan rabin lokacin wanda ba a cika dannawa ba ne a kan kujerar.

Nura: To ai maganata ce ta fito, Malam. Na ce suna cin juna, ga shi lissafi ya nuna.

Malam Ilyasu: Zargin naka yana kan hanya, hujjar ce ba ta isa ba. Kuma har yanzu ba mu gama ba.

Kabiru: Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don na bi matakan nan yanzu ina karantawa. Shafina kan koyon Excel ne. A binciken `yadda ake vlookup` ina da rubutu biyu, ɗaya bayani ne daga tushe, ɗaya kuma kan kurakuran da ke fitowa kamar `#N/A`. A sama fitowa 900, a teburi ɗaya 880 ɗaya 790. Matsayi 2.1 da 3.4. Wata manhajar duba shafi da nake biya ta sa min jan tambari a kansu ta ce in haɗe su. In haɗe?

Malam Ilyasu: Malam Kabiru, kai naka akasin nata ne. 880 da 790 sun ba da 1,670 a kan 900, wato kusan duk wanda ya bincika yana ganin ka sau biyu, a na biyu da na uku. Kujera biyu ka riƙe. Tun Yunin 2019 Google ya sanar cewa galibi ba zai nuna sakamako fiye da biyu daga shafi ɗaya a saman jeri ba, to kai ka cike kasonka. In ka haɗe su, ka sakar wa wani kujera ɗaya, kuma babu tabbacin wanda ya rage zai hau na ɗaya. Manhajar taka abin da ta gani kawai shi ne adireshi biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya. Ka bar su yadda suke.

Abu ɗaya dai ka duba: ka tabbata layi na biyun ba rubutun farko ba ne da wutsiya. Wani lokaci Google yana nuna ƙananan linkuna da ke kai mutum wani sashe na cikin rubutu, sai su fito a teburi da alamar `#` a ƙarshen adireshi. Waɗannan suna kumbura jimillar teburi ba tare da akwai rubutu na biyu ba.

Kabiru: Na duba, adireshi biyu ne daban, babu `#`. Na gode, ka hutar da ni aikin dare.

Hajiya Binta: Ni ina da ja a kan na Rabi'atu. Malam Ilyasu, lissafin ya nuna ba sa fitowa tare, na yarda. Amma bai nuna cewa karɓa-karɓa suke yi ba. Zai yiwu tsohon ne ke fitowa ga masu waya, sabon ga masu kwamfuta. Ko tsohon a wata ƙasa, sabon a wata. Ko kuma tsohon ya riƙe wata ɗaya da rabi, sabon ya karɓe gaba ɗaya daga nan bai sake saki ba. Duka ukun za su ba da wannan jimillar, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka sauya sau ɗaya aka tsaya, Google ya riga ya yanke shawara ke nan, ba ruɗewa ya yi ba.

Malam Ilyasu: Gaskiyarki Hajiya, na yi gaggawar kiran sa karɓa-karɓa. Malama Rabi, ki bar tacewar `Query` yadda take. Ki ƙara ta `Page`, ki shiga ɓangaren `Compare`, ki sa adireshin tsohon a akwati ɗaya, na sabon a ɗayan. Zanen zai ba ki layi biyu. Ki kashe sauran akwatunan ki bar `Total impressions` kaɗai don idonki ya huta, sannan ki duba `Dates`, `Devices` da `Countries` ɗaya bayan ɗaya.

Rabi'atu: Na yi. Layukan biyu kamar almakashi, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Ga wani mako daga watan Satumba, tsohon da sabon:

Litinin 41 da 3
Talata 44 da 0
Laraba 6 da 39
Alhamis 2 da 47
Juma'a 38 da 5

Haka yake tafiya duk wata ukun, wani lokaci tsohon ya riƙe kwana biyu, wani lokaci mako guda, sai ya faɗi. A `Devices` kusan duka waya ce ga su biyun, kwamfuta ba ta taka kara ta karya ba. A `Countries` ma ƙasar da ke kan gaba ɗaya ce ga kowanne.

Hajiya Binta: To yanzu na yarda. Jimillar kowace rana tana nan tsakanin 40 da 50, wanda ke ɗauke da ita ne kawai ke sauyawa. Wannan hoton shi ake nema.

Nura: Ni dai da na buga binciken a wayata yanzu sabon na gani, a na tara.

Sadiya: Binciken hannu ba ya tabbatar da komai Nura, ko ka buɗe tagar sirri. Wurin da kake da harshen wayarka suna shiga ciki, kuma lokaci ɗaya ka gani cikin dubbai. Yaya Rabi ma da ta ce wani lokaci ba ta ganin ko ɗaya, wataƙila ranar sabon ne ke kai ya zame zuwa shafi na biyu.

Hajiya Binta: Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya. Mun tabbatar suna musaya. Ba mu tabbatar musayar ce ta cinye mata rabin masu shigowa ba. Rabi'atu, Search Console yana ajiye bayanan wata 16, don haka watannin kafin Yuni suna nan. Ki cire kwatancen adireshin, don kwatance ɗaya yake karɓa a lokaci guda, ki kwatanta Maris zuwa Mayu da Yuli zuwa Satumba a kan wannan binciken.

Rabi'atu: Maris zuwa Mayu: tsohon shi kaɗai, fitowa 4,000, dannawa 290, matsayi 5.9. Yanzu su biyun a haɗe 150.

Hajiya Binta: Kin ga abin da nake nufi? Masu binciken ba su ragu ba, 4,000 da 4,200, don haka ba sha'awar mutane ce ta mutu ba. An rasa dannawa 140. Amma mu raba asarar. Da a ce tsohon ne ya riƙe duk fitowa 4,200 ɗin da ƙarfinsa na yanzu, biyar cikin ɗari, da an samu wajen 210. Tsakanin 210 da 150 akwai 60, wannan kai tsaye laifin musayar ne. Ragowar 80 kuwa daga faɗuwar tsohon ne shi kansa, daga 5.9 zuwa 7.8, ko a ranakun da shi ke kan kujera. Wannan faɗuwar ba mu san mai ita ba. Zai iya zama sabon ne ya raba masa ƙarfi, zai iya zama wasu shafuka biyu ne suka yi rubutu mafi kyau suka wuce shi, zai iya zama sabuntawar da Google ke yi wa tsarinsa na jera sakamako. Ta Maris 2024 kwana 45 ta ɗauka tana jujjuya sakamako, mutane da yawa a lokacin suka ɗora wa gyare-gyarensu laifin da ba nasu ba. Ki duba `Google Search Status Dashboard` ki ga ko akwai wadda ta faɗo cikin watanninki.

Malam Ilyasu: Akwai hanyar rage shakkun. Ki tace da adireshin tsohon kaɗai, ki cire tacewar `Query`, ki buɗe teburin `Queries` da wannan kwatancen na watanni. Ki nemo binciken da tsohon ke fitowa a kai wanda sabon ba ya leƙawa ko kaɗan. In waɗannan ma sun faɗi da mataki biyu, matsalar ta fi ƙarfin sabon rubutu, tsohon ne ya yi rauni ko aka wuce shi. In suna nan daram, waɗanda sabon ya shiga ne kaɗai suka faɗi, to yatsa ya koma kansa.

Rabi'atu: Na samu uku masu ɗan yawa da sabon ba ya fitowa a kansu. `me ke kashe batirin waya` yana 5.2 da, yanzu 5.4. `waya tana zafi batiri yana sauka` yana 4.8, yanzu 4.6. Amma `batirin sabuwar waya yana karewa` ya sauka daga 6.1 zuwa 8.3, kuma sabon bai taɓa fitowa a kansa ba. Sannan eh Hajiya, akwai babbar sabuntawa guda da ta faɗo cikin watannin nan.

Malam Ilyasu: Biyu sun tsaya, ɗaya ya faɗi. Ni a wurina wannan ya fi karkata ga sabon rubutun, amma ba zan rantse ba.

Hajiya Binta: Ni kuwa wannan na ukun ya hana ni sakin jiki. Bincike uku ba su isa a gina hukunci ba.

Auwal: Tambaya daga ɗan kallo. Ba a ce in rubutu biyu suka yi kama Google yana ɗaukar ɗaya ya watsar da ɗaya ba? Me ya sa bai yi haka a nan ba?

Malam Ilyasu: Wancan wani abu ne daban, Malam Auwal, kuma yana da kyau a kore shi. In Google ya ɗauki adireshi biyu a matsayin kwafin juna, yakan zaɓi ɗaya ya zama na asali, ya tara alƙaluman a kansa. Ana gani a `URL Inspection`: a sa adireshin, a buɗe bayanin shigarsa, a dubi `User-declared canonical` da `Google-selected canonical`. In na biyun yana nuna ɗaya rubutun, to kwafi ya ɗauke su. Na Malama Rabi tunda kowanne yana tara dubban fitowa da sunansa, da wuya haka ne, amma dubawar minti ɗaya ce. Nata rubutu biyu ne mabambanta da Google ke ganin kowanne zai iya amsa tambaya ɗaya, ya rasa wanda shafin kansa ya fifita.

Malama, abin da ya rage shi ne dalili. Ki buɗe sabon rubutun ki gaya mana abu uku: me ke cikin `<title>` ɗinsa, da me ya fara, kuma waɗanne rubuce-rubucenki ne ke nuna shi da linki, da wace kalma.

Rabi'atu: Kan rubutun da mai karatu ke gani shi ne wanda na faɗa. Amma a akwatin Yoast taken ya fi tsawo: "Batirin waya yana saurin ƙarewa? Yadda za ka sa ya daɗe". Sakin layi biyar na farko dalilai ne, hasken fuska, manhajojin da ke aiki a ɓoye, raunin sabis, zafi, tsufan batiri, kusan abin da ke cikin tsohon a taƙaice. Shawarwarin sai daga tsakiya suke farawa. Linki kuma, da na wallafa shi na bi rubutu bakwai na sa masa, a biyar daga ciki kalmar da ake dannawa ita ce "batiri yana saurin ƙarewa". Tsohon linki huɗu ne ke zuwa gare shi, biyu a ciki "duba nan" aka rubuta.

Nura: Kai! To ai shafin da kansa yake gaya wa Google sabon ne mai wannan maganar.

Malam Ilyasu: Yanzu ka faɗi daidai. Tsohon yana da shekaru da tarihin masu shigowa, wataƙila da linkuna daga waje. Sabon yana da take da linkunan cikin gida. Kowanne ya riƙe rabin hujja. Kuma `Links` na Search Console zai ba ki yawan linkunan cikin gida da inda suka fito, amma ba ya nuna kalmar da aka rubuta a kansu, sai an buɗe an gani da ido kamar yadda kika yi.

Nura: To a haɗe su kawai mana. A kwashe shawarwarin sabon a zuba cikin tsohon, a yi wa adireshin sabon 301 zuwa tsohon, wato duk wanda ya buɗe shi a tura shi can dindindin. Wanda batirinsa ke ƙarewa dalili da magani yake so a wuri ɗaya, ba wanda zai karanta dalili ya tafi bai nemi magani ba. Na janye maganar gogewa, amma haɗewa ita ce.

Sadiya: Kafin nan a tambayi sabon ko yana da abincin kansa. Yaya Rabi, ki tace da adireshinsa kaɗai ki ga `Queries`. In duk abin da yake samu daga bakin tsohon yake ƙwata, Nura ya yi gaskiya. In yana da binciken da shi kaɗai ke ci, haɗewa za ta iya zubar da su.

Rabi'atu: Yana da su. `yadda ake cajin waya daidai` da `yadda batiri zai dade`, a nan yana tsakanin na huɗu da na biyar, tsohon ba ya fitowa sam. Dannawa 95 ya samu daga irinsu a wata ukun, ban da 32 ɗin can.

Hajiya Binta: To kun gani. A nan shafin ya rasa 140, a can ya samu 95 da ba shi da su a da. Wanda ya kalli bincike ɗaya kawai zai ce sabon rubutu masifa ne.

Nura: Amma in aka haɗe, haɗaɗɗen zai iya cin duka biyun ai. 301 ba ta zubar da komai.

Malam Ilyasu: Tana kai ƙarfin linkuna, ba ta ba da tabbacin matsayi. Rubutun da takensa ke maganar dalilai ba lallai ya riƙe na huɗu a kan "yadda ake caji" ba. Zai iya, na ga inda ya yi, na ga inda bai yi ba. Gwajin da nake yi shi ne in buga binciken biyu in kwatanta goman farko na kowanne, ba don in ga matsayina ba, don in ga ko shafuka iri ɗaya Google ke kawowa. In bakwai ko takwas suka maimaitu, buƙata ɗaya ya ɗauke su, rubutu ɗaya ya isa. In biyu ko uku ne, buƙatu biyu ne.

Rabi'atu: Na gwada da `batirin waya yana saurin karewa` da `yadda batiri zai dade`. Biyar ne suka maimaitu.

Sadiya: Tsakiyar da ba ta raba gardama ke nan. Kuma rubutun Hausa kan wannan ba su da yawa, Google zai iya maimaita shafi don ba shi da wani, ba don buƙatar ɗaya ce ba.

Malam Ilyasu: Shi ya sa zan ce a fara da abin da za a iya warwarewa. Ki cire "yana saurin ƙarewa" daga taken sabon. Sakin layi biyar ɗin dalilai ki mayar da su jimla biyu da linki zuwa tsohon, rubutun ya fara da caji da saituna kai tsaye. Linkuna biyar ɗin nan masu "batiri yana saurin ƙarewa" ki juya su zuwa tsohon, "duba nan" guda biyun ki ba su kalma mai ma'ana. A ƙarshen tsohon ki sa linki zuwa sabon da kalmar "yadda za ka sa batiri ya daɗe". Kada ki sa `noindex` a kan sabon, zai fita daga bincike da 95 ɗinsa. Kada kuma ki nuna `canonical` ɗinsa zuwa tsohon, tunda ba kwafi ba ne, Google zai iya yin biris da shi, in kuma ya bi kin rasa sabon. In kin gama ki yi `Request indexing` ga su biyun, ki rubuta ranar a wani wuri.

Bayan mako huɗu zuwa shida ki koma zanen almakashin nan. Abin da ake so a gani shi ne layin sabon ya kwanta ƙasa a wannan binciken, na tsohon ya tsaya a 40 da wani abu kullum. In haka ta faru amma matsayin tsohon ya maƙale a wajen 7.8, to Hajiya ce da gaskiya, 80 ɗin nan ba sabon ne ya ci su ba, sai a je a duba waɗanda suka wuce ki. In kuma musayar ta ci gaba duk da gyaran, Nura ya ci gardama, a haɗe.

Nura: Ni har yanzu ina ganin ɓata mako shida ne, ƙarshenta haɗewar za a yi.

Hajiya Binta: Wataƙila. Amma Rabi'atu, ki yi gyaran duka rana ɗaya, kuma kada ki taɓa jikin tsohon rubutun ban da linkin nan guda. In kika sabunta shi a lokaci guda ya hau, ba za mu san wanne ne ya yi aiki ba. Ki kuma fitar da alƙaluman yau ta `Export` ki ajiye, har da na bincike ukun da sabon ba ya shiga, su ne ma'auninki.

Rabi'atu: Na fitar na ajiye. Taken da linkunan zan gyara yau da dare. Tambaya ɗaya ta rage: da na sa regex ɗin Sadiya, wani adireshi na uku ya bayyana a teburi, `/tag/batiri/`, fitowa 60, ba dannawa ko ɗaya, matsayi 24. Shi ma yana cikin faɗan?

Malam Ilyasu: A na 24 da fitowa 60, ba shi ke ture kowa ba. Ki bar shi yanzu, kada a ƙara abin da ake sauyawa. In kin dawo da sakamakon sai mu dube shi tare da sauran shafukan `tag` ɗinki.